Kanun labari na ƙarya kan Rauda, da yadda ya kamata a rubuta shi

'Yan'uwana masu shafukan labarai na Hausa a nan Madina da Makka da Jidda, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke sa wa labari kanu. Wani shafi ya rubuta: “Innalillahi! Saudiyya ta hana shiga Rauda, kalli dalili.” In ka buɗe, abin da ke ciki kawai shi ne sai mutum ya nemi izini ta manhajar Nusuk kafin ya shiga. Ba a hana kowa ba. Amma dattijuwar da ta yi shekaru tana tara kuɗin Umara a Kano ko Maraɗi kanun kaɗai za a karanta mata, ta kwana da baƙin ciki a kan abin da bai faru ba. Wannan ɗaukar alhaki ne.

Kuma ko ta fuskar neman masu karatu, asara ce. Wanda ke shirin zuwa Madina ba “innalillahi” yake rubutawa a Google ba. “Izinin shiga Rauda” yake rubutawa, ko “yadda ake amfani da Nusuk”. Kanun da babu waɗannan kalmomi a cikinsa zai zaga guruf-guruf na WhatsApp kwana biyu ya mutu, alhali alhazai da masu Umara wannan tambayar suke yi duk shekara.

Ga yadda ni zan rubuta shi:

```html
<title>Izinin shiga Rauda a Madina: yadda ake nema ta Nusuk</title>
<meta name="description" content="Ba a rufe Rauda ba, amma sai da izini. Ga yadda za ka buɗe Nusuk, ka zaɓi rana da lokaci, da abin da za ka nuna a ƙofa. Lokacin mata daban ne.">
```

Kanun nan haruffa 52 ne har da tazara. Google yana datse kanu gwargwadon faɗinsa a allo, galibi in ya haura haruffa 60 sai ka ga ɗigo uku a ƙarshe. Shi ya sa na sa “izinin shiga Rauda” a farko, don ko an datse wutsiya, abin da mutum ke nema yana nan. Sunan shafinka, in dole ne, ya zo ƙarshe. Nusuk kuwa na bar shi yadda yake a waya, tunda haka mutum zai neme shi.

Layin taƙaitawa, wanda ke fitowa ƙarƙashin kanu, a nan ne aka fi yin kuskure. Wasu suna cusa masa kalmomi a jere, Rauda, Madina, Umara, Hajji, biza, suna zaton hakan zai ɗaga su sama. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba wannan layi wajen jera shafuka. Aikinsa shi ne ya nuna wa mai bincike ko amsarsa tana ciki. Don haka ka faɗi gaskiyar magana a jimlar farko, kar ka ɓoye ta don a danna. Wanda ya karanta “sai da izini” ya riga ya huta da fargaba, kuma zai shigo don yana son matakan. Kar layin ya wuce haruffa 160, ƙasa da haka ma ya fi, domin a waya mutanenmu suke karatu, allonta kuma ƙarami ne.

Sharaɗi ɗaya nake riƙe da shi: duk abin da layin ya yi alkawari dole ya kasance a cikin labarin. Na ce lokacin mata daban ne, to sai mai karatu ya iske bayanin lokacin mata a ciki. In ban tabbatar da shi ba, in cire jimlar. Haka kalmar “sabuwar doka”. Ƙa'idojin ziyara suna sauyawa, musamman gab da aikin Hajji da cikin Ramadan, kanun kuma zai daɗe a Google bayan dokar ta tsufa. Gara ka sa wata da shekara, ka dawo ka gyara in an sauya.

Ta yaya za ka gane kanunka bai yi ba? Nemi labarin da kanka a Google. In ka ga an maye kanunka da wani, ko an ɗauko wata jimla daga tsakiyar labarin a madadin layinka, sau da yawa alama ce naka bai dace da abin da ke ciki ba, ko bai amsa tambayar da aka yi ba. Sannan ka buɗe Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda ake samunsa a bincike, ka shiga ɓangaren Performance, ka duba kalmomin da mutane suka rubuta har suka ga shafinka. In ana ganinsa da yawa amma ba a dannawa, ɗauki ainihin kalmomin nan ka sake gina kanun da su, muddin labarin yana amsa su.