Ku daina ƙona kaska a jikin yara

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa yaron nan. Duk wanda ke zauren unguwarmu na Agege ya ga hoton wuyansa, ba sai na sake ɗora shi ba. Kaska guda ɗaya ce ta kama shi a bayan kunne, manya uku suka taru a kansa, wannan ya ɗiga kananzir, wancan ya kawo wutar sigari, na ukun ya sa farce ya fizge. Yanzu ga ƙuna, ga kumburi, ga bakin kaskar a cikin fata, ga kuɗin asibiti. Kuma har yanzu akwai masu rubuta mini wai haka aka gada. To ku ji, aika-aika aka yi wa yaron nan, kuma zan faɗi dalili.

Ba a shafa wa kaska komai kafin a cire ta. Ba kananzir, ba fetur, ba basilin, ba manja, ba jan farce, ba wuta. Kamo ta ake yi daga gindin baki, daidai inda ta haɗu da fata, a ja ta miƙe a hankali har ta saki. Magana ke nan, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji da ni.

Mutanenmu na ganin kamar kaska cizo take yi irin na sauro ko kuɗin cizo, da an tsorata ta sai ta gudu. Ba haka halittarta take ba. Tana yanka fata ne ta cusa wani ɗan tsinke na bakinta, tsinken nan kuwa jere yake da ƙananan haƙora masu kallon baya kamar ƙugiyar kamun kifi. Bayan haka ta zubo wani miyau mai daskarewa ya liƙe bakin da naman mutum. Ta zauna ke nan, kwana da kwanaki tana shan jini. Ko ita kanta ba ta iya zare bakin nan cikin gaggawa. To don Allah idan ka kawo mata wuta, ina za ta? A nan za ta mutu ko ta fashe, bakin yana ciki, fatar yaro ta ƙone a banza.

Wani bawan Allah ya ce mini basilin yana toshe mata numfashi ta faɗo da kanta. Malam, kaska ba ta numfashi irin namu. Iskar da take buƙata kaɗan ce ƙwarai, sai ta yi sa'o'i cikin maiƙo ba ta damu ba. An ma gwada wannan tun 1985. Wani masanin ƙwari a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka ya gwada basilin da jan farce da sifirit da kan ashana mai zafi a kan kaskar da ta riga ta kama, babu ɗaya da ya sa ta saki. Abin da ka samu kawai shi ne ɓata lokaci, bakinta na ciki miyau na ci gaba da shiga jini, kuma ka mayar da ita mai santsi, in ka zo kamawa ta dinga suɓucewa. A miyau da cikinta cuta take. Shi ya sa likitoci ke hana a matse mata ciki ko a dame ta tana maƙale.

Ga yadda ya kamata a yi wa yaron nan. A zaunar da shi inda akwai haske, ko wani ya riƙe tocilar waya. Uwarsa ta riƙe masa kai ta lallashe shi, don motsi shi ke yanke baki. A samo hantsaki mai tsinin baki, a goge shi da sifirit. Matsefatar da ake cire ƙaya ma tana yi in bakinta siriri ne. Mai faɗin baki irin na gyaran gira ba ya dacewa, cikin kaskar zai danne. A ture gashi gefe, a kwantar da hantsakin a kan fata, a shigo ta gefen kaskar a kama ta can ƙasa, tsakanin jikinta da fatar yaron. Cikin nan da ya kumbura kada a taɓa shi sam. Sai a ja waje a miƙe, da ƙarfi iri ɗaya, ba murɗawa, ba girgizawa, ba fizga. Fatar za ta biyo hantsakin ta ɗan tashi sama. A nan yawancin mutane ke ƙosawa su fizge, a nan kuma bakin ke karyewa. Ka riƙe hakan, ka ci gaba da jan nan a natse, ko da ya kai ka minti guda. Za ka ji ta saki da kanta.

In babu hantsaki, zare yana aiki. Ka yi ɗan zarge, ka zura shi ta kan kaskar har ya sauka kan fata, ka tsuke shi a gindin bakin, ka ja sama a hankali. Abin da ba na so shi ne yatsu tsirara. In dole ta kama, a sa safar hannu ko a naɗe yatsu da leda.

Da ta fito, ɗora ta kan farar takarda ka duba gabanta. In ka ga ɗan tsinken bakin a tsaye, sau da yawa ma da ɗan farin abu maƙale da shi, kuma tana motsa ƙafafu, to ta fito duka. Farin abun nan daskararren miyau ne da ɗan saɓar fata, ba abin tsoro ba ne. In kuwa gabanta ya zama dungu, kuma ka ga ɗigon baƙi a tsakiyar wurin cizon, baki ya saura.

To a nan ma sai an yi haƙuri da ni, don ɓarna ta biyu a nan ake yin ta. Mutum ya ga ɗigon nan sai ya ɗauko reza ko allura ya hau haƙar naman yaro, wai kan kaska zai shige ciki ya yi ta yawo, ko ya sake tsirowa. Ba ya tsirowa, ba ya yawo. Jakar miyau tana cikin jikin da ka riga ka cire, abin da ya saura mataccen guntu ne. In ya leƙo waje har hantsaki zai kama shi cikin sauƙi, a zare. In bai leƙo ba, a bar shi, a wanke da sabulu da ruwa, a goga sifirit ko aidin. Fata za ta turo shi da kanta cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ya bar ɗan ƙullutu mai ƙaiƙayi na wasu makonni. Ciwon da reza ke jawowa ya fi na guntun nan nesa ba kusa ba. Amma in ja yana faɗaɗa, wurin ya ɗau zafi, ko mugunya ta taru, sai asibiti. Kaskar da ta shiga cikin kunne ko ta kama fatar ido kuwa, tun farko kada kowa ya taɓa, a kai wa ma'aikatan lafiya.

Ita kuma kaskar, ku daina murƙushe ta tsakanin farce biyu jini ya fallatso. A jefa ta cikin kwalba mai sifirit, ko a naɗe ta da salatif a ƙulle a leda. Sannan a wanke hannu da sabulu.

Na san abin da dattawanmu na kara za su ce: "Yaro, mun shekara arba'in muna cire wa shanu kaska da hannu." Baba, Allah ya ƙara girma, ban raina saninku ba, kun fi ni sanin dabba. Amma fatar saniya daban, wuyan jikanka daban. Kuma ku kuka fi kowa sanin babbar kaskar nan ta shanu mai zane a baya, wadda inda ta yi yawa kirci ke biyo baya. Bakinta dogo ne, ya fi na ƙaramar jar kaskar karnuka nesa, shi ya sa ita ce ta fi yankewa in an fizga. Ita ce kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon kaska. Kamar mako guda bayan cizon sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, kaluluwa ta fito, wurin cizon ya yi baƙin ɓawo da ja a kewaye. Mu a Legas kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifot, sai a yi ta shan maganin da bai shafi cutar ba, alhali tana da nata maganin da likita zai rubuta, galibi doksisaikilin. Likita ba zai yi tunaninta ba in ba ka ce masa kaska ta ciji yaron ba. Don haka ku rubuta ranar da aka cire ta, ku sa ido har wata guda.

Akwai kuma mai ratsi-ratsi a ƙafafu, wadda ta fi yawa a busassun wurare irin namu na Arewa, tana biyo tirelolin dabbobi har nan. Irinta ce ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Ba kowace kaska ke ɗauke da shi ba, ban faɗa don in tsorata kowa ba. Amma ta cizo yake shiga, yana kuma shiga ta jinin kaskar da aka murƙushe da hannu. Mahautanmu na Oko-Oba da masu sauke raguna a Alaba Rago, ku nake ji wa tsoro fiye da kowa, don kullum hannunku na cikin jini da gashin dabba. Zazzaɓi mai zafi cikin kwana 9 da cizo, ko haɓo, ko jini a dasashi, ba maganar kemis ba ce.

Don haka masu cewa na cika tsanani, ku faɗi abin da kuke so. Ba kananzir, ba wuta, ba fizga. A kama gindin baki a ja a miƙe.

Wani abin ma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗaure rago a gidajen haya. Tsakar gida taku biyar, nan ake shanya, nan yara ke rarrafe, nan kuma za a ɗaure ragon layya mako biyu, yara na hawansa suna rungumarsa har dare. Ba wanda ke ɗaga wutsiyarsa ko ya duba kunnuwa da tsakanin kofato ranar da aka kawo shi. Ku duba shi tun a kasuwa kafin a sa shi a mota, in akwai kaska ku nemi likitan dabbobi ya ba da maganin wanka, ku kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka, don maganin yana zama a nama. Iyaye mata kuma in za a yi wa yara wankan yamma, a duba bayan kunne, ƙeya, hammata, cibiya da matsematsi. Masu gidajen da ke karɓar kuɗin ɗaure rago daban ba su ko share wurin, ku ma maganarku na nan tafe kafin Sallah.