Abin da ke jikin katin zaɓe ba shi ne magana ta ƙarshe kan rumfarka ba

Mafi yawan masu katin zaɓe a Najeriya sun ɗauka cewa tun da an buga sunan rumfa da lambarta a jikin katin, to babu sauran abin bincike, ranar zaɓe kawai mutum zai wanke ƙafa ya nufi wurin. Wannan zato ya jawo wa jama'a wahala a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, kuma zai sake jawowa muddin ba a gane cewa rajistar da ke hannun hukumar zaɓe ta INEC ita ce ke yanke hukunci ba. Kati yana nan yadda aka buga shi tun ranar farko, ita kuwa rajista ana taɓa ta, ana ɗauke suna daga wata rumfa a mayar da shi wata.

Tushen lamarin yana komawa ne shekarar 2021, lokacin da hukumar ta ƙara yawan rumfunan zaɓe daga 119,974, adadin da aka daɗe a kansa tun 1996, zuwa 176,846. Sabbin rumfuna 56,872 ɗin sun samo asali ne daga ƙananan wuraren kaɗa ƙuri'a da a da ake ɓallewa daga jikin rumfar da ta yi cunkoso, sai aka mayar da su rumfuna masu cin gashin kansu, kowacce da lambarta da rajistarta. A wannan aikin ne kuma aka ɗauke rumfuna 749 daga inda suke, wasu daga gidajen mutane da fadojin sarakuna da wuraren ibada. Da zaɓen 2023 ya matso, hukumar ta kwashi sunayen masu zaɓe daga rumfunan da suka cika ta zuba a sabbin da ke kusa, ta kuma aika saƙon waya ga waɗanda abin ya shafa. Sai dai saƙon waya lambar da aka bayar ranar rajista yake bi, kuma kowa ya san layuka nawa ne suka ɓata ko aka rufe tsakanin ranar rajista da ranar zaɓe.

A ɗauka wani magidanci ne ya yi rajista a 2011, kuma lambar da ke jikin katinsa ita ce 19-05-03-012, lambar da na kawo don misali kawai. Kashin farko jiha yake nunawa, 19 kuwa Kano ce a jerin hukumar. Na biyu ƙaramar hukuma ne, na uku mazaɓa, wato ɗaya daga cikin mazaɓu 8,809 na ƙasar, na ƙarshe mai alkaluma uku kuma shi ne rumfar kanta. Idan an rage cunkoson rumfarsa, kashi ukun farko za su zauna yadda suke, na ƙarshen ne zai koma, a ce, 027, domin sabbin rumfuna a bayan tsoffin da ke mazaɓar aka jera lambobinsu. Mutumin nan zai zo rumfa ta 012 da sassafe, ya bi layi cikin rana, sai ya iso gaban malamin zaɓe sannan a ce masa babu sunansa. Malamin ba zai iya taimakonsa ba ko da sun san juna tun suna yara, saboda na'urar BVAS da ake tantance yatsa da fuska da ita masu zaɓen rumfar da aka ba ta kaɗai ta sani. Katinsa na nan da inganci, ƙuri'arsa kuma tana jiransa, amma a wani akwatin da bai san inda aka ajiye ba, ga shi an hana zirga-zirgar ababen hawa, ga shi wanda bai shiga layi kafin ƙarfe biyu da rabi na rana ba ya rasa damarsa.

Hanyar kauce wa wannan ba ta da wuya ga mai waya. A shafin hukumar na cvr.inecnigeria.org akwai wurin duba matsayin rajista, inda mutum zai zaɓi jiharsa ya sa sunansa da ranar haihuwarsa, ko kuma ya yi amfani da lambar shaidar mai zaɓe, wato VIN, da ke jikin katin. Abin da ya kamata a kula da shi a sakamakon shi ne alkaluma ukun ƙarshen nan, a gwada su da na jikin kati, idan sun saɓa to na shafin ake bi. Sau da yawa idan binciken bai fito da komai ba, rubutun suna ne ya bambanta, an rubuta Mohammed a rajista mai nema kuma ya sa Muhammad, don haka a kwafi sunan harafi da harafi yadda yake a katin. Wanda ba shi da waya mai shiga intanet sai ya nufi ofishin hukumar na ƙaramar hukumarsa, ko ya duba sunayen da ake kafewa a mazaɓa, wanda Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a yi na kwana bakwai domin gyara da ƙorafi.

Amma a ganina sanin lamba rabin aikin ne, kuma a nan ne ko masu ilimi suke sakaci. Sunayen rumfuna da yawa kwatance ne na shekarun baya, irin su ƙofar gidan wane, ko filin da ke gaban wata rijiya, ko makarantar firamare da aka bi ta da I da II da III. Mai gidan da aka yi kwatancen da shi wataƙila ya rasu tuntuni magada sun sayar da gidan, filin kuma an gine shi, makarantar ma an sauya mata suna. Inda rumfuna uku ko huɗu suke harabar makaranta ɗaya, mutum na iya shafe awa biyu a layin da ba nasa ba alhali akwatinsa yana bayan ajin da yake jingine da shi. Saboda haka ya dace kafin ranar mutum ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya tambayi mai unguwa ko dattawan layin inda aka ajiye akwatin a zaɓen da ya wuce, ya kuma auna tafiyar a ƙasa, tun da a ƙasan zai yi ta. Ranar zaɓen ma, kafin ya shiga layi, ya fara neman sunansa a takardun da aka manna a bango.

Akwai wani ruɗanin na daban da ke kama sabbin masu rajista, wato ɗaukar wurin da aka yi musu rajista a matsayin wurin zaɓensu. Rajista galibi a ofishin hukumar na ƙaramar hukuma ake yin ta, ko a wata cibiya ta ɗan lokaci da aka buɗe a mazaɓa, kuma da an gama sai a naɗe kaya. Rumfar da aka ba mutum tana rubuce a 'yar takardar da aka miƙa masa bayan ɗaukar hoto da yatsu. Wanda ya tashi daga unguwa kuwa, sunansa ba ya bin sa da kansa, sai ya nemi sauyin rumfa lokacin da rajista take buɗe, kuma dokar 2022 ta tanadi a rufe wannan ƙofa aƙalla kwana 90 kafin zaɓe.

Za a iya cewa ina ɗora wa talaka nauyin da yake na hukuma ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ɗauke sunan mutum shi ya kamata ya tabbata labari ya isa gare shi, ta rediyo da masu unguwanni da alluna a bakin kowace rumfa makonni kafin zaɓe, tare da sabunta kwatancen da suka tsufa. Hukumar da kanta ta bayyana cewa rumfuna 240 ba a yi zaɓe a cikinsu ba a 2023 domin babu mai rajista ko ɗaya a cikinsu, alhali wasu na nan cike maƙil, abin da ke nuna aikin daidaita rumfunan bai ƙare ba kuma ana iya sake motsa sunaye. Don haka ko wanda ya duba a 2023 ya samu daidai, ya sake dubawa duk lokacin da aka kafe sabuwar rajista.