Hoto ya cuce ni a gyaran ɗakin Inna

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Bara bayan damina ɗaki biyu suka tsage a gidanmu na unguwar Bagalam a Maraɗi, na Inna da na baƙi, ni kuma ina Yamai wajen aiki, sai na ce ƙanena ya samo mason biyu kowa ya kama ɗaki guda, wanda hotonsa ya nuna gyara ya fi shi za a ba sauran gidan.

Na ɗakin Inna ya turo min hotuna ta WhatsApp har na ce masha Allah. Hoton farko bango baƙi ƙirin, tsaga kamar ta haɗiye hannu, na biyu fari tas kamar otel. Na ɗakin baƙi kuwa hotonsa ba kyan gani, facin siminti toka-toka, ko fenti babu, wai sai ya bushe. Na ɗauki jika 180 na ba mai fenti.

Jiya na iso Maraɗi bayan ruwan Agusta, na tarar tsagar nan ta dawo daidai inda take, fenti yana ɓarewa daga ƙasa, Inna ta ja katifarta tsakiyar ɗaki saboda sanyin bango. Tsohuwa fa! Na ƙwanƙwasa wurin da ɗan makulli, yana ƙara kamar ganga, alamar yaɓen bai kama bango ba. Ɗakin baƙi ko gezau.

Sai na sake buɗe hotunan, yanzu ne idona ya buɗe. Na farko da magariba mai fentin ya ɗauke shi, ya matsa dab da tsagar don ta yi girma. Na biyu da hantsi, daga bakin ƙofa, ya jingina tabarma a gindin bango daidai inda laima take hawa. Ba wuri ɗaya ba, ba haske ɗaya ba, to mi na gwada ke nan? Ɗayan bawan Allah wuri guda ya tsaya duka biyun, har da hoto na tsakiya wanda ni ban ma kula ba: ya sassaƙe tsagar ya faɗaɗa bakinta, ya jiƙa, ya ɗora raga, ya cika da siminti kwano 1 yashi kwano 3, ya yi mako yana ba shi ruwa, ya kuma gyara indararon da ke zubar da ruwa a jikin bangon. Wancan ko kallon sama bai yi ba, shafe kawai ya yi ya bi da fenti.

Na kira shi na ce malam ka ji tsoron Allah, wai ai Alhaji kai da bakinka ka ce ya yi kyau. Eh na ce, abin da ka nuna min na gani! Ya turo min hoton raga guda ɗaya a cikin bangon nan in akwai, in babu ya dawo da kuɗina, gobe da safe ina ƙofar gidansa.