Makin yaro ba na zauren WhatsApp ba ne

Abin da wasu malamai suka mayar da shi al'ada, wato ɗaukar hoton takardun jarrabawar da suka gama dubawa su zuba a zauren WhatsApp na iyaye, ya kai matuƙa wajen ɓata mini rai, kuma ba zan yarda da uzurin cewa sauƙi ake nema ba. Sauƙin na malami ne shi kaɗai, domin ya huta da aika wa kowane uba sakamakon ɗansa, amma yaron da aka baza sunansa da makinsa a gaban mutanen da bai sani ba shi ne yake biyan kuɗin wannan hutun.

A duba abin da hoto guda yake ɗauke da shi. A saman takardar akwai cikakken sunan ɗalibi, da ajinsa, da lambar rajistarsa, sau da yawa har da tambarin makaranta. A gefe ga makin da jan biro, misali 9 cikin 40, a ƙasa kuma malami ya rubuta cewa yaron ba ya mai da hankali. Duk wanda hoton ya faɗa hannunsa ya san sunan yaron, ya san inda ake samunsa kowace safiya, ya kuma san rauninsa. Ba iyaye kaɗai ne suke gani ba, tunda yara suna taɓa wayoyin iyayensu, kuma kafin gari ya waye 'yan ajin sun san wanda ya zo na ƙarshe, sun sami abin tsokanarsa har ƙarshen zango. Yaron da aka kunyata haka yakan daina ɗaga hannu a aji, ya koma ɓoye takardunsa ko a gida.

Idan aka yi magana sai a ce ai za a goge. Gogewar ba ta dawo da komai, saboda wayoyi da yawa suna sauke hoton da kansu su ajiye shi cikin sauran hotunan mai wayar, kuma wanda ya riga ya tura shi wani zauren ko ya ɗauki hoton allon wayarsa ba ruwansa da abin da malami ya goge daga baya. Zaure guda yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma babu shugaban zauren da yake da iko a kan wayar ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rufewar ganin dama da wasu suke yi, suna ganin sun sauke nauyi. Malami zai zaɓi alƙalamin haskaka rubutu a wayarsa, ya mayar da shi baƙi, ya ja a kan sunan sau biyu ko uku. A ido sunan ya ɓace, amma wannan alƙalamin an yi shi ne domin a riƙa ganin abin da yake ƙarƙashinsa, saboda haka duk wanda ya ƙara wa hoton haske sosai yana iya karanta sunan. Malamin zai iya gwada hakan da kansa kafin ya tura. Ko yanke gefen hoto ba kullum yake isa ba: a shekarar 2023 an gano wata matsala a wayoyin Google Pixel da manhajar Snipping Tool ta Windows 11, wadda ta sa ana iya dawo da wani ɓangare na abin da aka yanke. Sannan idan an rufe suna aka bar lambar rajista, ko aka bar sunan da ke leƙowa daga takardar da ke ƙasa, ba a yi komai ba. Rubutun hannun yaro ma 'yan ajinsa sun san shi.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Sakamakon kowane yaro a aika wa iyayensa su kaɗai. Idan kuwa ana son nuna wata amsa a matsayin misali, a ɗora takarda mai kauri a kan suna da lamba da maki tun kafin a ɗauki hoton, domin abin da kyamara ba ta gani ba babu dabarar da za ta fito da shi, kuma a nemi yardar yaron da ta iyayensa ko da shi ne ya fi kowa maki.

Sashe na 16 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 1989, ya hana yin katsalandan a sirrin yaro da taɓa mutuncinsa ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu su rubuta doka ƙarara da ta hana saka takardar da ke ɗauke da suna da maki a kowane zaure, su sanar da malamai da iyaye, kuma malamin da ya karya ta a kira shi ofis ya yi bayani.