Ƙorafi Zuwa Ga Mai Gidanmu Kan Wayarin Da Ke Neman Jawo Gobara

Assalamu alaikum, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni ne ɗan hayarka da ke zaune a sashen baya na gidanka da ke Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, tare da matata da 'ya'yanmu uku. Na rubuto ne saboda sau uku ke nan ina kai maganar wutar gidan nan ga wakilinka, kuma duk lokacin amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, za a duba. Haƙuri ya halatta a kan fenti ko ƙofar da ke ƙara, amma abin da ke gabanmu yanzu ya shafi rayukan mutane goma sha ɗaya da ke kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Makonni uku da suka wuce fis ɗin gidan ya fara tsinkewa kusan kullum, musamman da asuba. Na sanar da wakilinka, ya turo wani yaro da filaya a aljihu. Yaron bai buɗe ko soket ɗaya ba. Ya zare fis ɗin tangaran da ke jikin bangon zaure, ya cire siririyar wayar da ta ƙone, ya naɗa wayar tagulla mai kauri ninki biyu a madadinta, ya mayar, ya ce an gama. Gaskiya ne, tun daga ranar wuta ba ta sake yankewa ba, kuma na san abin da aka gaya maka ke nan. Sai dai, Alhaji, wannan shi ne ainihin abin da ya hana ni barci. An yi wayar fis siririya ne da gangan, domin idan kaya suka yi wa layi yawa ita ta fara narkewa, wuta ta yanke tun kafin wayoyin cikin bango su yi zafi. Da aka sa mai kauri, nauyin yana nan yadda yake, abin da zai tsinke ne kawai aka kawar, saboda haka yanzu wayar da ke cikin silin ɗinmu ce take ɗaukar zafin.

A daren Talatar da ta gabata, bayan sallar isha'i, matata ta ji ƙaurin roba a ɗakin yara. Na taɓa soket ɗin da ke bayan gadonsu, na ji shi da zafi har ban iya barin hannuna a kai ba, gefensa ya yi baƙi, robar ta fara lanƙwasa. Na ruga zaure na zare fis ɗin, muka kwana a duhu. Washegari na kira ƙwararren mai wayarin da kuɗina, ya shiga silin da tocila, ya kuma buɗe soket huɗu, kuma abin da ya nuna mini na gani da idona.

Layi ɗaya tak ne ya fito daga fis ɗin ya zagaye sashena da na maƙwabcina, kuma wayar mai milimita 1.5 ce, irin wadda ake ja wa ƙwayayen fitila da fanka. Soket kuwa wayar milimita 2.5 ake ja masa, a kan layinsa daban. Ya yi mini lissafin a bayan kwali, kuma ba mai wuya ba ne. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce. Hitar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, dutsen guga mai wat 1,200 yana jan sama da 5. Yanzu sanyin hunturu ne, kowane gida yana dafa ruwan wanka da asuba, ga gugar kayan makaranta. Idan hitata da ta maƙwabcina da dutsen guga ɗaya suka haɗu, an haura amfiya 22, ban da firji biyu da fitilu, alhali wayar milimita 1.5 da ke cikin bututu abin da take ɗauka lafiya bai wuce amfiya 15 zuwa 17 ba. Wannan ne ya sa fis ɗin yake tsinkewa da asuba, wato aikinsa yake yi daidai.

A cikin silin ɗin ya sami wurare biyar da aka murɗa waya da waya aka naɗe da baƙin salatif, babu akwatin haɗi ko ɗaya. A biyu daga ciki salatif ɗin ya narke, tagulla tana tsirara a kan katakon rufi da ya shekara da shekaru yana bushewa. Haɗin da bai kamu sosai ba shi ne wurin da zafi yake taruwa, daga nan tartsatsi yake tashi. Ka san yadda iskar hunturu take busar da komai a garin nan, kuma duk wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021 ya san saurin da wuta take yi idan ta sami busasshen abu. Tagogin sashena duka da rodi, ƙofar fita ɗaya ce, kuma layin nan ta samanta ya bi.

Abu na biyu, babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya. Kowane soket da aka buɗe waya biyu ce a ciki, ja da baƙa, babu ta ukun, kuma an zagaya gidan ba a ga inda aka kafa sandar ƙasa ba. Shi ya sa firjinmu yake jan mutum idan ya taɓa shi ba takalmi. 'Yata ƙarama shekararta huɗu, kuma da jiƙaƙƙen hannu take zuwa ɗaukar ruwa.

Na san za a iya cewa mu rage kayan wuta, kuma mun rage: mun daina amfani da hita, muna dafa ruwa a gawayi, ni da maƙwabcina mun raba lokacin guga, da dare kuma muna zare fis ɗin. Amma wayar da robarta ta riga ta ƙone ba ta komawa daidai don an rage mata kaya. Kuma wannan ba aikin kamfanin raba wuta ba ne, domin duk abin da ke bayan mita zuwa cikin gida yana wuyan mai gida.

Abin da nake roƙo shi ne ka turo mai wayarin da yake da lasisi a cikin wannan mako, ya cire tsohon fis ɗin ya sa akwati mai bireka daidai da ƙarfin kowane layi, ya raba sashena da na maƙwabcina, ya ja wa soket sabuwar waya mai milimita 2.5 haɗe da wayar ƙasa, ya kafa sandar, ya kuma kwance haɗe-haɗen da ke cikin silin. Idan kuɗi ne ba su samu ba a yanzu, na yarda in biya a cire daga hayar shekara mai zuwa, muddin ka ba ni izini a rubuce, domin ba zan taɓa ginin wani ba da saninsa ba.

Shekara huɗu ina gidanka, ban taɓa jinkirta haya ba, kuma ba na son maganar nan ta wuce tsakaninmu. Amma idan Juma'a ta wuce ba a fara aiki ba, zan kai ta gaban mai unguwa, in kuma nemi hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ingancin wayarin, ta zo ta gani. Soket ɗin da ya ƙone yana hannuna tare da hotunan cikin silin, kuma ina gida kullum bayan la'asar idan ka ga dama ka zo ka duba da kanka.