Dawowar Wi-Fi ba ita ce dawowar saƙo ba

«Idan rauta ta mutu ta tashi, ƙaramar na'urata ta ESP32 mai aika saƙo zuwa saba tana komawa Wi-Fi da kanta, ai shi ke nan ko?»

A'a, da sauran aiki. Rauta takan fara watsa sunanta tun kafin ta gama shiri, sai na'urar ta manne mata alhali ba a ba ta adireshi ba, ko kuma layin intanet bai dawo ba. Saboda haka kada ka nemi sabar MQTT, wato sabar da ke karɓa da rarraba saƙonnin na'urori, da zarar ka ga `WIFI_EVENT_STA_CONNECTED`, alamar an manne wa rauta. Jira `IP_EVENT_STA_GOT_IP` tukuna, alamar an ba na'urar adireshi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne tsohuwar haɗuwar. Rautar da aka yanke wa wuta ba ta yi wa kowa sallama, don haka na'urarka na iya ɗauka cewa har yanzu tana tare da sabar. Da Wi-Fi ya yanke, rufe tsohuwar haɗuwar da kanka, ka buɗe sabuwa daga baya. Ita ma sabar ba ta sani nan take. Idan `keepalive` ɗinka, wato iyakar lokacin da na'urar za ta yi shiru ba ta tuntuɓi sabar ba, daƙiƙa 60 ne, sai ta yi daƙiƙa 90 ba ta ji ɗuriyarka ba kafin ta cire ka.

To ko an haɗu ma, idan `cleanSession`, saitin da ke sa kowace haɗuwa ta fara daga farko, na kunne, sabar ta riga ta manta da abin da kake sauraro. Alamar ita ce na'urar tana aika ma'auninta lafiya lau, amma umarni ba ya shigowa. Sa `subscribe`, wato gaya wa sabar abin da kake son sauraro, cikin aikin da ke gudana duk sanda aka haɗu, ba a farkon kunnawa kaɗai ba.

Idan sabar ba ta amsa ba, kada ka yi ta ƙwanƙwasawa babu hutu. Jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, har zuwa 60.