Godiya ga iyaye ba ta bukatar tona asirin gida

Duk lokacin da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suka kare aikin bincikensu a gaban malamai, shafukanmu na sada zumunta sukan cika da hotunan riga da hular kammala karatu, kuma abin farin ciki ne. Abin da nake ganin ya kamata a gyara shi ne rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoton, domin sau da yawa ɗalibi yana nufin godiya, sai ya ɓuge da bayyana abin da iyayensa suka shekara suna rufewa.

A ɗauki misalin wanda ya rubuta cewa mahaifinsa ya jinginar da gona, mahaifiyarsa ta sayar da awakinta, kawunsa wane da ke kasuwanci a babbar kasuwa shi ya biya kuɗin rajista na shekara uku. Ko da duk gaskiya ne, wannan labarin na dattawan ne, kuma babu wanda ya nemi izininsu. Mahaifin da ya jinginar da gona a asirce zai fita masallaci gobe ya tarar maƙwabta sun sani, kawun kuma zai wayi gari da masu neman taimako a bakin shagonsa, sauran dangin da ba a ambata ba su riƙe abin a zuci.

A ganina wannan ya wadatar: "Alhamdu lillahi, yau na kammala digirina na farko a fannin aikin gona. Ina godiya ga Baba da Inna bisa haƙuri da addu'arsu, da malamin da ya duba aikina shafi bayan shafi, da ƴan uwan da suka tsaya mini. Allah ya saka musu da alheri." An ambaci kowa da matsayinsa, ba a faɗi sunan uwa ba (wanda ko a gida kunya take hana mu faɗa), ba a kawo zancen kuɗi, rashin lafiya ko unguwa ba. Malamin kuwa, idan ana son sa sunansa ko a yi masa alama a hoton, a fara tambayarsa.

Hoton kansa ma yana magana. Takardar shaidar da ake ɗagawa tana ɗauke da cikakken suna, ranar haihuwa da wurin haihuwa, kuma wayoyin yanzu suna fito da su sarai idan aka buɗa hoton. Wanda ya haɗa waɗannan da sunan mahaifi ya sami abin da zai kira dangi da shi yana neman a turo kuɗi da sunanka. A juya bayan takardar, ko a rufe layukan kafin a ɗora, kuma idan Inna tana cikin hoton a nuna mata shi tukuna.